Me zan kira rubutun nan na `<title>` a wasiƙar da zan tura wa Alhaji?

Nura: Salamu alaikum. Ina yi wa wani Alhaji mai shadda da atamfa a Kantin Kwari aikin shafinsa na intanet. Shafuka 40 ne, kuma wanda ya fara gina masa ya bar su duka da rubutu ɗaya:

```html
<title>Home</title>
```

Ina so in rubuta masa gajeriyar wasiƙa da Hausa kafin in taɓa komai. Da na ce masa a waya zan canza "sunan shafi", sai ya ce kada in kuskura, ya riga ya buga sunan a leda da katin shago. Wace kalma zan sa?

Kabiru: Ai Alhaji ya yi gaskiya. In ka canza suna, duk wanda ya ajiye tsohon ba zai same shi ba.

Nura: Ka ga irin fahimtar da nake gudu ke nan, Kabiru. Adireshin yana nan yadda yake. Rubutun da ke fitowa da shuɗi a sakamakon Google kaɗai zan sake.

Hajiya Binta: To ka ce "kanu" mana. Mu a gidan jarida kanun labari shi ne abin da ke jawo mai karatu, kuma aikin da wannan yake yi ke nan.

Malam Auwalu: Hajiya, kin kusa, amma akwai matsala. Kowane shafi yana da rubutu biyu da ake rikitawa. Ɗaya shi ne babban rubutun da ke saman shafin in an buɗe, wato `<h1>`, kuma shi ya fi kama da kanun jarida. Ɗayan, wanda Nura ke magana a kai, ba ya cikin jikin shafin. Ana ganinsa a can saman burauza da kuma wajen bincike. In muka ba shi "kanu", ranar da Nura zai yi wa Alhaji bayanin na farkon sai ya rasa kalma.

Ni "take" nake cewa. Taken littafi, taken lacca, kowa ya sani. Kuma take a wajen makaɗa shi ne kiɗan da ake ji a san wane ne ke tafe tun kafin a gan shi. Mutum arba'in da take ɗaya, yaya za a bambance su?

Hajiya Binta: Na yarda da rabon, Malam. Sai dai ɗan kasuwa in ya ji "take" kaɗai, taken ƙasa zai fara tunawa. Ka haɗa shi da misali.

Nura: Ga abin da na rubuta, a duba mini:

"Ranka ya daɗe Alhaji, kowane shafi yana da takensa, wato layin da mai bincike ke fara gani a Google kafin ya shigo. Yanzu duka shafukanka 40 takensu ɗaya ne, kamar a ce shagunan layi guda allonsu iri ɗaya. Mai neman shadda ba shi da hanyar sanin akwai ta a ciki. Zan ba kowane shafi nasa, da sunan kaya a farko. Na shadda zai koma haka:

```html
<title>Shadda yadi 10, farashin sari | Kantin Kwari, Kano</title>
```

Adireshinka, hotuna da lambar waya ba za su canza ba. Kuma daga gobe za ka hau saman Google."

Malam Auwalu: Cire jimlar ƙarshen nan, ƙanena. Sai Google ya sake zagayowa shafin kafin sabon take ya fito, kuma hakan na iya ɗaukar kwanaki ko makonni. Hawa sama kuwa ba take kaɗai ke kawo shi ba. Ka kuma gaya masa wani lokaci Google kan ajiye taken da ka rubuta ya ɗauko wani rubutu daga cikin shafin, musamman in taken ya yi tsawo ko an cusa masa kalma ɗaya sau da yawa. In ba ka faɗa ba, ranar da ya ga wani abu dabam zai ce ba ka yi aikin ba. Tsawon naka ya yi, gurbi 50 ne har da tazara. In ya haura wajen 60 akan datse ƙarshensa, shi ya sa sunan kaya ke zuwa farko.

Kabiru: Yanzu na gane. To ni shagon takalmana a Sabon Gari, masu sayena rabi da Turanci suke bincike. Da wane harshe zan rubuta taken?

Malam Auwalu: Ya dace da harshen da ke cikin shafin. In kana da Search Console, wato manhajar Google da ke nuna wa mai shafi yadda ake samunsa a bincike, duba kalmomin da ake rubutawa ana samunka, ka tura mini mu gani.

Hajiya Binta: Ni dai har yanzu "kanun shafi" na yi mini nauyi ga `<h1>`, tunda guda ɗaya ne. "Kan shafi" fa?

Nura: Wannan sai wasiƙa ta biyu, Hajiya. Na gyara jimlar, zan kai masa bayan La'asar.