Ina neman hanyar bayyana wa ɗalibai saukar hauhawar farashi a taron safe

Assalamu alaikum malamai. An ba ni minti biyar in yi jawabi kan hauhawar farashi a taron safe na makarantar sakandaren da nake koyarwa a Kaduna, daga ɗan aji ɗaya har ɗan aji shida. Waje ɗaya ya kafe mini: yadda zan bayyana cewa idan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar ta sauka, ba wai kaya sun yi araha ba ne.

Misalin da na ƙirƙira shi ne mudun shinkafa a Kasuwar Barci. A ce bara waccan naira 2,000 ne, bara ya koma 2,600, wato ƙarin kashi 30 cikin ɗari. Bana ya kai 2,990, ƙarin kashi 15. Hauhawa ta ragu da rabi, amma mai cefane sai ya ƙara naira 390.

A allo wannan lissafi yana tafiya sumul. A filin taro kuwa ba allo, yara a tsaye cikin rana, lasifikar ma tana ƙara. Da na gwada wa ajina da baki kawai, kafin in kai lamba ta uku sun manta ta farko. Na cire kason na bar farashin, sai wata ɗaliba ta ce, "Malam, to ai tashi ya yi, ina saukar?" Ta kuwa yi gaskiya, don a kason saukar take.

Don Allah, da wace jimla zan nuna cewa saurin tashin ne ya ragu, ba tare da na wuce lambobi uku ba?