Wane suna za mu raɗa wa "Always relay calls" da Hausa?

Malama Hadiza: Assalamu alaikum. Ina rubuta wa mata masu sayar da kaya ta waya ɗan bayani a kan saitin tsare sirri, sai na zo wani wuri na cije. A Signal akwai maɓallin da aka rubuta "Always relay calls", a WhatsApp kuma "Protect IP address in calls", dukkansu a ƙarƙashin Privacy, sannan Advanced. Na gane aikinsa sama-sama: kiran ba zai tafi wayar mutum kai-tsaye ba, sai ya fara biyawa ta na'urar kamfanin. Sunan ne ya gagare ni. Na rubuta "kira ta ɗan aike" na soke, na rubuta "kiran zagaye" na soke. Ina neman abin da zan faɗa wa mai sayar da atamfa sau ɗaya ta riƙe.

Ɗan Tasha: Hajiya ai wannan tsohon abu ne. Ɓoye lamba kenan. Ki sa #31# kafin lambar mutum, shi kenan ba zai ga mai kira ba.

Injiniya Bashir: Ɗan'uwa, ba shi ba ne. Abin da ka faɗa na kiran layi ne, kuma lambar waya yake ɓoyewa. Wannan ko ka kunna shi, wanda ka kira a WhatsApp yana ganin lambarka ƙuru-ƙuru. Abin da ake ɓoyewa shi ne adireshin intanet, wato lambar IP da kamfanin sadarwa ya ba wayarka a lokacin.

Malama, bari na faɗi yadda abin yake tukuna, don suna ya fi zama daidai idan an ga mai sunan. In kin kira mutum ɗaya, sabar kamfanin, wato na'urar nan da kika ambata, ita ce take buga masa ƙararrawa. Da ya ɗauka, wayoyin biyu sukan nemi hanyar da za su riƙa jefa wa juna muryar ba tare da kowa a tsakani ba, don ita ce yawanci ta fi kusa. To ba yadda za a yi wayata ta jefa wa taki abu ba ta san inda za ta jefa ba. Dole su yi musayar adireshi. Manhajar ba ta nuna shi a fuskar waya, amma wanda ya haɗa wayarsa da kwamfuta yana kallon abin da ke shiga da fita, da manhajoji irin su Wireshark, zai tsince shi ba wuya. In kin kunna maɓallin nan, wayarki za ta ƙi bayar da nata adireshin, ta ce a kai komai sabar. Mai leƙen sai ya ga adireshin sabar kawai.

Malama Hadiza: To ai "ɗan aike" ya yi kenan, Injiniya. Me ya sa raina bai kwanta da shi ba?

Malam Sani Mai Fassara: Don ɗan aike da baki ake aikensa. Ki ce masa "je ka ce da wance kaza", ya ji saƙon, wani lokaci ma ya ƙara gishiri. Duk Bahaushen da ya ji "kira ta ɗan aike" zai ɗauka akwai mai sauraro a tsakiya. Idan na fahimci Injiniya, sabar ba ta jin maganar ko?

Injiniya Bashir: Ba ta ji, Malam. Muryar a kulle take tun daga waya zuwa waya, sabar ƙunshi kawai take karɓa ta miƙa. Amma tana ganin adireshin mai aikowa, da lokacin, da tsawon kiran. An ɓoye wa abokin magana ne, ba a ɓoye wa kamfani ba.

Malam Sani Mai Fassara: Madalla. Ɗan aike ya faɗi kenan, dillali ma haka, shi har la'ada yake ci kuma ya san farashin kowa. "Zagaye" kuwa, Malama, kin kyauta da kika soke. Ki ce wa mace "kunna zagaye" ki ga dariyar da za a yi, kowa ya san inda ake zagayawa a gida.

Ni shawarata ita ce zango. Fatake ba sa kwance kaya a zango don mai masauki ya duba, sauka kawai suke yi su tashi. Kuma wanda kaya suka iso masa, abin da ya sani shi ne zangon da ayari ya taso na ƙarshe, bai san ƙofar gidan da aka ɗaure su ba. Sai mu ce "kira ta zango", kishiyarsa "kira kai-tsaye". Sabar da ke wannan aiki ita ce zangon. Har asarar ma tana cikin kalmar, don wanda ya yada zango ba ya riga wanda ya miƙe isa.

Alhassan na Kumasi: Malam, a wurinmu in ka ce zango, unguwa ka ce. Ni ɗan zango ne, a zango aka haife ni. "Kira ta zango" a kunnena kamar an ce kiran 'yan unguwarmu. Ban ce a fasa ba, amma ku sani in rubutun ya ƙetaro Gana sai an yi ƙarin bayani.

Usman Rewaya: Mu dai a gareji rile muke cewa, wanda ke cikin akwatin fis, in ya ƙone hon ko fanka su ɗauke. A bar shi rile mana, kowa ya huta.

Malama Hadiza: Malam Usman, matan da nake rubuta wa ba su taɓa buɗe akwatin fis ba. Amma na gode.

Maman Ilham: Ni tambayata ba ta suna ba ce, ku yi haƙuri. Turaren wuta nake sayarwa, lambata tana yawo ko'ina. Kwanaki wani ya dame ni da kira, da na ƙi kula shi ya ce ya san gidana ta intanet. Ƙanena ya kunna min wannan abin. Tun ranar in muna waya da yayata sai mu riƙa cin karo, ni na fara magana ita ma ta fara, mu yi shiru tare, mu sake farawa tare. Shin mutumin nan da gaske ya san gidana? Kuma cin karon daga abin ne?

Ɗan Tasha: Da IP ai har ɗakin da kike kwance ana gani a taswira.

Injiniya Bashir: A'a, an yi ƙari. Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Abin da adireshin kan nuna shi ne kamfanin da ke ba ki sabis, da ƙasa, da kusan gari. A datar waya ma garin yakan zo ba daidai ba, saboda mutane da yawa ne ke fita intanet ta adireshi guda, kuma yana nuna inda mafitar kamfanin take, ba inda kike zaune ba. Inda abin ya fi ciwo shi ne wayifai na ofis ko makaranta ko otal, wanda adireshinsa zai iya nuna wurin, ko kuma mutumin da ya ce yana wata ƙasa alhali yana wata. Ɗan jarida ko matar da ta gudu daga mai cutar da ita, sunan gari kaɗai ya isa ya jawo musu masifa. In mutumin nan ya san gidanki, na fi zargin hotunan da kike ɗorawa ko mai kai miki kaya.

Cin karon kuwa alamar jinkiri ce, kuma ga lissafinsa. Haske a cikin wayar gilashin da ke ɗauko intanet yana cin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato kowane kilomita 1,000 milisakan 5, milisakan 1,000 kuma su ne daƙiƙa ɗaya. Mu ƙaddara ke da yayarki duk kuna Kano, sabar da aka haɗa ku da ita kuma tana Turai. Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000. Wayar MainOne ta ƙarƙashin teku daga Legas zuwa Fotugal kusan 7,000. A ƙara kamar 2,000 zuwa cikin Turai. Ya zama 10,000, milisakan 50. Muryar sai ta dawo Kano, wani 50. An ƙara 100 kenan kafin kalmarki ta shiga kunnenta, a kan jinkirin da dama yake akwai na eriya da na wayar kanta. Ma'aunin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, mai lamba G.114 ya nuna cewa ƙasa da milisakan 150 hira takan tafi lafiya, sama da 400 kuma ta lalace. Kin ga ɗarin nan kaɗai ya cinye kashi biyu cikin uku na 150 ɗin. Kuma tsakanin ki yi tambaya da ki ji amsa, ninki biyu ne, 200. A wannan ɗan shirun ne kike zaton ba ta ji ba, ki sake magana, ku yi karo.

In sabar tana kusa, asarar ba ta kai a ji ba. In kuma yayar taki dama tana Turai, kusan ba a yi asarar komai ba, don zangon a kan hanya yake.

Maman Ilham: A Hotoro take, ni ina Kurna.

Injiniya Bashir: To ku gwada. Ki ce ɗaya, da ta ji ta ce biyu, ki ce uku, har ashirin, wani yana riƙe da agogo. Ku yi sau uku da maɓallin a kunne, sau uku a kashe. In ana ƙara milisakan 100 a kowace miƙawa, za ki ga bambancin kusan daƙiƙa 2. Ita ma ta duba nata, don mutum ɗaya ya kunna, ku biyu ne za ku sha jinkirin.

Aminu Ɗalibi: Yallaɓai na gwada yanzu da abokina, mu biyu a kan data. A kunne da a kashe duk ɗaya ne. Anya maɓallin yana aiki kuwa?

Injiniya Bashir: Mai yiwuwa dama ta sabar kuke bi. Kamfanonin waya suna tara masu data da yawa a bayan adireshi guda, kuma sau da dama wayoyi biyu a irin wannan hali ba sa iya samun juna, sai manhajar ta koma sabar da kanta ba ta tambaye ka ba. Kiran rukuni ma kullum ta sabar yake bi. Maɓallin bai ƙirƙiro sabuwar hanya ba, hanyar kai-tsayen ya toshe. Shi ya sa wani zai kunna bai ji komai ba, wani ya ji sosai.

Hajiya, matsalarki ita ce a WhatsApp maɓallin na kowa da kowa ne, baƙo da 'yar'uwa. Telegram ya raba: a saitin kira akwai Peer-to-Peer, wato kira kai-tsaye, ki zaɓi Everybody, My Contacts ko Nobody. Na tsakiyan shi ne irin abin da kike buƙata.

Malam Sani Mai Fassara: Wannan bayanin ya sa na ɗan ja da baya a kan zango. Zango a kan hanya yake, kamar yadda Injiniya ya faɗa da bakinsa. Amma daga Kurna zuwa Hotoro a bi ta Turai, wannan ba zango ba ne, ratse ne. "Kiran ratse." Gajere ne, kuma Alhassan ba zai ji an taɓa unguwarsu ba.

Alhassan na Kumasi: Ratse ban saba jinsa ba, amma na gane shi.

Injiniya Bashir: Ni ina nan a kan zango, Malam. Ratse ya faɗi tsawon hanya, bai faɗi cewa akwai wurin da ake sauka ba, kuma wurin nan shi ne ke riƙe da adireshinka. Ina so mutum ya ji kalmar ya tambaya, zangon wa?

Malama Hadiza: Ga abin da na rubuta a yanzu: "Kira ta zango: wanda kike magana da shi ba zai ga adireshinki na intanet ba, amma murya na iya jinkiri." A ƙasa na sa "kira kai-tsaye". Ranar Asabar zan karanta wa matan da zango da ratse, in ga wanda za su maimaita da kansu. Malam Sani, in sun zaɓi naka na biyun zan faɗa maka.

Maman Ilham: Mun ƙirga da Yaya. A kunne daƙiƙa 19, a kashe 17. Amma ita tana dariya tun daga bakwai, sai mun sake.