Ra'asi na yana Sauru ne ko Hamal?

Salam, masana taurari. An haife ni a Zariya ranar 12 ga Afrilu, 1986. Idan na zaɓi Mean Node a manhaja, sai Ra'asi ya faɗa farkon burujin Sauru, Zanabi a Akrab. Da na koma True Node, sai ya ja baya zuwa ƙarshen Hamal, Zanabi a Mizan.

Na sauya sa'ar haihuwa daga asuba har isha, burujin bai canza ba, gida kaɗai ke sauyawa.

Abin ya dame ni, domin masu fassara suna ɗaukar Zanabi a matsayin halin da mutum ya saba da shi, Ra'asi kuma inda ya kamata ya dosa. Karatun Mizan, wato yawan biye wa mutane, ya fi kama da ni, amma ina tsoron son zuciya.

Wanne lissafi kuke bi idan Ra'asi yana bakin iyakar buruji biyu?