Neman taimako: imel ɗin Hausa yana fita da maɓallin Turanci

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kula da wasiƙar wata-wata ta ƙungiyarmu mai tallafa wa marayu a Kaduna, muna aikawa ta Mailchimp. Ta Turanci tana zuwa wa masu ba da gudummawa, maɓallinta na neman kuɗi ne. Ta Hausa kuwa ta iyayen riƙo da masu unguwanni ce a Rigasa da Tudun Wada, kuma abin da muke roƙo shi ne su yi rajistar yara, ba kuɗi ba.

Na haɗa su a wasiƙa ɗaya da wannan sharaɗi:

```
*|IF:HARSHE=ha|*
saƙon Hausa
*|ELSE:|*
saƙon Turanci
*|END:IF|*
```

Matsalar ita ce duk wanda gurbin HARSHE ɗinsa babu komai, ko aka rubuta masa Hausa maimakon ha, yana faɗawa ɓangaren Turanci. Haka wata uwa mai riƙon marayu ta samu saƙon neman kuɗi, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Kan saƙon ma ɗaya ne ga kowa.

Shin in raba jerin gida biyu, kowanne da wasiƙarsa? To waɗanda ba su zaɓi harshe ba fa, ina zan sa su? Don Allah wanda ya taɓa yi ya taimaka.