Katunan bita sun taru mini a Anki, jarrabawa saura mako huɗu

Jama'a, don Allah ku agaza mini. Mako shida kafin jarrabawa na fara maimaita karatu bi da bi, ina ƙara tazara tsakanin bita: kwana 1, sai 3, sai 7, sai 14. Katuna 400 na zuba a Anki, manhajar da ke tsara bitar katunan karatu, ina ɗaukar sababbi 30 kullum.

Da farko lafiya lau. Yanzu kuwa kullum ina tarar da katuna kusan 150 suna jira, na kuma tsallake kwana biyu suka haura 300. Abin da ya fi damuna shi ne tazarar. Katin da na danna wa Easy, wato mai sauƙi, sau biyu, ranar bitarsa ta gaba ta faɗa bayan jarrabawar ma, alhali na san yanzu-yanzu na haddace shi, bai zauna ba.

Shin in rage Maximum interval, wato iyakar tazarar bita, zuwa kwana 10, ko hakan zai ƙara mini tulin ne kawai? Akwai kuma katuna kamar 20, duk shekaru ne masu kama da juna, kullum sai na kasa tuna su, har an yi wa wasu alamar leech, wato katin da ake yawan mantawa. In sake rubuta su ne, ko in bar su sai makon ƙarshe?