Ayarin da ke cikin littafina ba shi da dalilin tafiya, ku taimaka min

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Don Allah ku duba min, raina a jagule yake. Ina rubuta labarin almara a wata duniya da na ƙirƙira. Babban birni sunansa Birnin Zarma'u, wanda Sarki Dargazu ya kafa bayan ya rabu da wansa a kan gadon sarauta, shi kuma wan ya auri 'yar sarkin aljanu, aka haifi tagwaye, ɗaya ya yi sarauta shekara saba'in, jikansa ne sarkin yanzu, kuma uwar sarkin baiwa ce, shi ya sa fadawa ba sa ƙaunarsa. To duk sabon wata dodanni na fitowa, ba abin da ke tsare gida sai gishirin wata, wanda ake haƙowa a Tafkin Toka a bayan sahara. Jarumina Jatau sarki ya ba shi dinari dubu goma ya jagoranci ayari ya kawo gishirin. Masu karatu na ta ce min wai ba su ga abin da zai kai shi ba, wata ma cewa ta yi tun da bokan sarki yana da buzun shimfiɗa mai tashi sama, me ya hana a aike shi. Na riga na saki babi takwas. Yaya zan yi tafiyar ta zama dole?

Malam Na Agadas:
Wa alaikumus salam 'yata. Kafin komai ki amsa min uku. Kwana nawa ne daga birnin zuwa tafkin? Gishiri nawa gida ɗaya ke ci a wata? Su masu haƙar gishirin, me suke ci, wa ke kai musu?

Ummu Sultana:
Anti ki rabu da su. Ni ma da na sa yaƙi a littafina haka suka dame ni, ƙarshe ma wata ta kwashe min babi uku ta canza sunaye ta saki a wani zaure, har yau shugabar zauren ba ta ce uffan ba. Masu karatunmu soyayya suke nema. Ki sa sarki ya yi wa Jatau alƙawarin 'yarsa, magana ta ƙare.

Maman Hanif:
Jatau yana da mata, kuma ba irin labarin nake so ba. Malam, kwana arba'in ne, duk rairayi, ba ciyawa ko ƙwara, da gangan na yi haka don ya ba da tsoro. Kowane gida na barbaɗa cikin tafin hannu ɗaya a bakin ƙofa duk wata. Gidaje kamar dubu goma ne. Masu haƙa kuwa ai suna can ne kawai, ba su ne labarin ba.

Malam Na Agadas:
To a nan matsalar take, ba a buzu ba. Raƙumi mai tafiyar nesa yana ɗaukar wajen kilo 150. Ki ce yana cin busasshiyar ciyawa kilo biyar a rana, an ma takura masa ke nan. Kwana arba'in kilo 200 ne, zuwa kaɗai. Abincinsa ya fi ƙarfin bayansa tun bai ɗauki komai ba. Ayarinki ba zai isa ba, mai karatu kuma yana jin hakan a jikinsa ko bai yi lissafi ba.

Mu nan ayarin gishiri na Bilma yana ratsa hamadar Tenere, daga Agadas wajen kilomita 600, kuma akwai Fashi a hanya inda ake samun ruwa da dabino. Bayan damina ake tashi, wajen Oktoba, lokacin raƙuma sun ƙoshi, gero ya zo gida. Kafin a shiga rairayi ana zama a yi dammunan ciyawa, a ɗora. Ana tafiya ana ajiye wasu a hanya, a dawowa a tarar da su. Abin da ake kai wa mutanen Bilma shi ne gero, don ƙasarsu gishiri da dabino take bayarwa, ba ta ba da hatsi. A karɓo gishiri, kantu na dabbobi da beza na miya.

Yanzu ki ɗauki naki. Tafin hannu ki ce giram ɗari. Gida dubu goma a wata goma sha biyu, kilo 12,000 ke nan a shekara, kayan raƙumi tamanin. Ki ƙara ashirin na guzuri da ruwa da waɗanda za su gurgunce, ayari ya zama ɗari. Ki bar kwana arba'in ɗinki, amma talatin su kasance da makiyaya da zanguna, goma na ƙarshe su zama rairayi zalla. Kowane raƙumi zai shiga da ciyawa kilo ɗari, rabi na zuwa, rabi a binne a hanya. Saura kilo hamsin, na gero ne. Kin ga abin da ya fito? Duk ran birninki yana rataye da wasu dammunan ciyawa da aka bari a daji ba mai gadi. Bara wani ya cinna musu wuta, ayari ya halaka a dawowa da gishirin a bayansa. Wannan ne dalilin da ya sa bana ake neman Jatau.

Abu Yasir:
Malam ya yi bayani amma ni ina ganin an tsawaita. Doka ɗaya ce, abin da ya yi ƙaranci shi ke tsada. Ki ce gishirin ya fi zinariya daraja, kowa zai yarda mutum ya sai da ransa a kai. Kuma dinari dubu goman ki mai da shi dubu ɗari, a ji nauyin abin.

Malam Na Agadas:
A'a Abu Yasir. In ya fi zinariya, talaka ba ya saye, dodanni sun cinye birnin tun zamanin Dargazu, ba labari. Dole a shekarar lafiya ya zama abin da mai sai da ƙosai ke iya saye. Tsadarsa ta zo ne daga yankewar hanya, kuma sai an samu wanda ke cin ribar yankewar. Ki nemi fatoman da fatake ke sauka a gidansa, wanda ke ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillalai, ya ba su bashi. Shi ya san ranar tashin ayari, ya san inda ake binne ciyawa, kuma shi ke da rumbun gishirin bara.

Batun dinari kuma, 'yata, wa ya buga shi, da me ake sayen tuwo a kasuwarki? Kano da kuɗin wuri ta yi ciniki. Da Bature matafiyi Barth ya zo a 1851, dala ɗaya ta azurfa wajen wuri 2,500 ce. Keso guda wuri dubu ashirin ne, kayan mutum ɗaya cur. Shi ya sa babban ciniki da bashi da tufafi da dawaki da bayi ake yin sa. Madugu kuma ba albashi yake jira ba. Shi ke yin ciniki da sarakunan hanya a kan kuɗin fito, yana da rabonsa a abin da fatake ke tarawa, yana da nasa kayan a cikin ayarin. Ki sa Jatau ya ci bashin raƙuma goma a hannun fatoman nan, suka mutu a ayarin bara, gidansa na jingina.

Maman Hanif:
Malam na gode, amma Jatau ba ɗan kasuwa ba ne. Jarumi ne, don al'umma yake yi. In na sa masa bashi ya zama kamar kowa. Kuma dinarin yana babi na biyu, mutane sun riga sun karanta.

Hajiyar Zango Kumasi:
Ƙanwata ni dai gishirin ne bai kwanta min ba. Gishiri ba ya ruɓewa, to ina gaggawar? Mu gidan goro ne. Kakanninmu daga Kano suke zuwa Salaga ta ƙasar Gana da jakuna, su kawo kanwa da tufafi da fata, su koma da goro, zuwa da dawowa wata shida har shekara. Goro kuwa sai an naɗe shi da ganye, ana buɗewa a hanya ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda sankara ta kama kafin ya ɓata sauran. Kowace rana ta ƙaru asara ce. Ki sa abin naki ya zama mai lalacewa, za ki ga madugu ya zaɓi gajeriyar hanya mai 'yan fashi da kansa. Yanzu ma haka muke, mota ta kwana biyu a kan iyaka an tsare ta ba dalili, huhu nawa muka zubar bana, wanda ya tsare ko a jikinsa.

Malam Na Agadas:
Hajiya ki yi haƙuri, tana da agogo har biyu. Wata na tsayawa duk bayan kwana ashirin da tara ko talatin, kuma in bazara ta shigo rairayin ba ya ratsuwa. Ba ta buƙatar goro.

Hajiyar Zango Kumasi:
Agogon birni ne wannan Malam, ba na ayari ba. Mutumin da ke kan raƙumi ba abin da ke narkewa a hannunsa. Ni a nan nake jin labari.

Ɗan Baiwa:
Anti in kasuwar littafin kike nufi, kar ki saki fiye da babi goma kyauta, daga nan ki sa kuɗi. Ni na saki ashirin, aka karanta aka watse.

Abu Yasir:
Har yanzu ba wanda ya amsa maganar buzun. Ni cewa na yi a kashe bokan a babi na tara.

Maman Hanif:
Ba zai mutu ba, shi ne zai tona asirin uwar sarki a ƙarshe. Kuma ai na faɗa a babi na huɗu, buzun mutum ɗaya yake ɗauka da abin da ya rungume.

Malam Na Agadas:
Madalla, kar ki taɓa shi. Abin da mutum ya rungume ki ce kilo ashirin, gida ɗari biyu ke nan na wata ɗaya, cikin dubu goma. Waɗanne ɗari biyun? Fada da unguwar attajirai. Sauran suna kallon buzu na wucewa ta saman rufinsu, unguwar su Jatau na ciki. Ga al'ummar da kike so ya yi dominta. Sannan bokan ya fi kowa sanin halin da tafkin ke ciki. Shekara guda ba gero ya isa can tun da ayari bai koma ba. Masu haƙan da kika ce ba su ne labarin ba, ko sun mutu, ko sun gudu, ko sun fara sai wa wani birnin da ya kawo musu hatsi. Jatau zai iya ratsa rairayin lafiya ya tarar ba mai sai masa.

Maman Hanif:
Amma Malam ai ayarin bara ya kai musu geron, a dawowa ne kuka ce ya halaka. Kuma babu wani birni a taswirata, Zarma'u ce kaɗai ta rage bayan yaƙin tagwaye, wannan shi ne ginshiƙin labarin gaba ɗaya. In na ƙara birni, tarihin da na yi a babi na ɗaya ya rushe.

Hajiyar Zango Kumasi:
To in birni ɗaya ne a duniyar, raƙuman daga ina? Wa ke kiwonsu, me ake ba shi?

Ummu Sultana:
Kun ga abin da nake faɗa ko. Mutum ya zo da tambaya ɗaya a ɗora masa goma. Anti ki saki babi na tara yadda kika tsara.

Maman Hanif:
Gobe da dare na yi musu alƙawari. Ciyawar da aka ƙona zan iya sakawa, sauran sai na gani. Malam, in na bar dinarin a matsayin alƙawarin da sarki ba shi da abin cikawa fa, zai yi?