Tambaya: gajeren labari da past perfect zalla ya ƙi zama

Malaman Turanci, ina neman taimako. Ina koyar da 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare a wani ƙauye kusa da Gumel, na rubuta musu labari mai jimla 10, kowace da had da siffa ta uku ta aikatau, don su saba ba da labarin abin da ya riga ya faru. Ga farkonsa: Musa had woken early. He had fed the goats. He had gone to the market.

Nahawun daidai ne, amma labarin ya tsaya cik. Past perfect yana bukatar wani lokaci a baya da zai jingina da shi, kamar yadda muke cewa "kafin ya iso, sun riga sun tafi". A nawa babu wannan madogara, sai mai karatu ya yi ta jiran abin da ya faru daga baya.

Na gwada buɗewa da By noon, jimloli 3 na farko suka zauna, daga ta 4 nauyin ya dawo. Yaran kuma suna rubuta had went maimakon had gone, kuma had had na rikita su.

Shin By noon ɗaya zai riƙe jimla 10, ko sai na sabunta lokacin kowace jimla 3? Ko dole in saka simple past ko da guda ɗaya?